Gurbin Yatsu Biyu

Allura ake ce mata a wurin aiki, saboda in aka ba ta bidiyo sai ta bi shi zare-zare kamar mai ɗinkin hannu. Ɗakinta ne na ƙarshe a hawa na biyu. Ba taga, sai allon kwamfuta uku, da kujera mai karyayyen hannu, da na'urar sanyaya ɗaki wadda kowa ya san don kwamfutar aka saka ta, ba don mai ɗakin ba.

Wata uku ke nan tana kan fim ɗaya. Darakta, mai kamfanin da take wa aiki, ya yi shekara yana bin labarin wata masana'antar takalman roba, inda aka cire ƙarfen kariya daga injinan yanka don aiki ya yi sauri. Mata goma sha ɗaya suka rasa yatsu. Masana'antar ta ce ko ƙwarzane ba a taɓa yi a cikinta ba. Da kyar aka samu mace ɗaya ta yarda ta zauna gaban kyamara, wata dattijuwa da abokan aikinta ke kira Uwar Layi, don ita ce ta daɗe tana shugabantar layin yanka kafin inji ya cinye mata yatsu biyu na hannun dama a mayar da ita aikin shara.

Sharaɗi biyu ta gindaya. Kada a gane fuskarta, don 'yarta ma a can take aiki. Kuma kada a dusashe mata fuska.

"Wannan hazon da kuke shafa wa mutum a talabijin," in ji ta, "na ɓarayi ne. Ni ban ɗauki kayan kowa ba."

Shi ya sa aka yanke shawarar a ara mata fuska. Allura ta je ta lallaɓa Gwaggonta, tsohuwar malamar makaranta mai ritaya, ta zo ta yini gaban kyamara uku ana juya mata fitila, ana ce mata yi dariya, ɗaure fuska, kalli sama, buɗe baki.

"Shekara talatin ina koyarwa ba wanda ya ɗauki hotona sai na katin aiki," Gwaggo ta ce tana gyara zama. "Yau da haƙorana suka fara tafiya kuka ga kyauna?"

Aka ɗura wa kwamfuta dubban hotunan matan biyu, ta yi mako uku tana koyo, har ta iya zana fuskar Gwaggo da motsin Uwar Layi. Uwar Layi ta ɗaga gira, girar Gwaggo ta ɗagu. Muryar kuma aka sauya mata amo. Wanda duk ya leƙo ɗakin Allura sai ya riƙe baki.

Amma zana fuskar rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin inda za a manna ta. Kowace daƙiƙa ta bidiyo hotuna ashirin da biyar ne, waɗanda suke kira firem, kuma kowane firem sai an yi masa abin da suke kira maski: zane ne fari da baƙi, farin na nufin nan fuska ce a shafa sabuwa, baƙin na nufin bar nan yadda yake. Wata manhaja ce ta dabam take fitar da shi, bayan an koya mata da hotunan da mutum ya zagaye da hannu. In kan makirufo ya gitta ta gaban haɓa, dole maski ya yi baƙi a wurin, in ba haka ba sai ka ga haɓar Gwaggo ta hau kan makirufo. Haka silin kitson da ke faɗowa kan goshi. Waɗannan Allura ta gama da su tun a wata na biyu. Makirufon baƙi ne, bai yi gardama ba. Kitson ya ɗan wahalar, amma ya bi.

Hannun ne ya ƙi.

Akwai daƙiƙa arba'in a tsakiyar hirar, inda Uwar Layi ke ba da labarin ranar da abin ya faru. Tana cikin magana sai ta ɗaga hannun dama ta dafe gefen fuskarta, ta goge ido, ta bar shi a nan tana ci gaba. A nan kaɗai ake ganin hannun sosai a duk fim ɗin: babban yatsa, manuni, ƙarami, da fili a tsakani. Launin hannun da na kumatu ɗaya ne, ga shi yana motsi yana dusashewa a hoto, sai manhajar ta riƙa ɗaukarsa fuska. Fatar Gwaggo ta malale a kan yatsun, suka riƙa nutsewa cikin kunci suna fitowa kamar a mafarki.

Ranar Talata Darakta ya shigo ya tsaya bayanta, ya kalla sau biyu.

"Tashar talabijin na son tallar fim gobe da azahar," ya ce. "Fim ɗin kansa ranar Lahadi. Yi wani abu."

Ta yi wani abu. Ta ɗauko wata manhajar da aka riga aka horar a kan hannuwa, ta sa ta yanke hannun daga maskin fuskar. Nan take yatsun suka daina narkewa. Ta kalla a guje, ta ga ya yi kyau, ta fitar da daƙiƙa goma sha biyu na talla ta tura wa Darakta, ta tafi gida da wuri a karo na farko cikin makonni.

Washegari da safe a ɗakin aikinta, tana shan shayi, ta buɗe tallar don ta bi ta firem bayan firem, abin da ya kamata ta yi tun jiya. A firem na ɗari da tara ta ajiye kofin.

Manhajar hannuwan ta saba da hannu mai yatsu biyar a haɗe. Da ta zo kan filin da yatsun Uwar Layi biyu suka bari, sai ta cike shi, ta shafe hannun gaba ɗaya da baƙi kamar safar hannu. Baƙi kuwa yana nufin bar nan yadda yake. Ta wannan gurbin, tsakanin manuni da ƙaramin yatsa, idon Uwar Layi na gaskiya ne ke kallon Allura, da tabon da ke ƙasansa, da jelar girarta mai tsagu. Ta ƙirga. Firem talatin da ɗaya. Daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya. Mai kallo a falo ba zai lura ba. Wanda ya zauna da niyya ya tsayar da hoton zai gani sarai.

Ko takalmi ba ta tsaya gyarawa ba ta nufi ofishin Darakta. Ta same shi da waya a kunne, yana dariya da wani na tashar.

"Kada ka tura tallar nan," ta ce.

Ya rufe bakin wayar da tafi. "Ta tafi tun ƙarfe takwas."

"Kira su su goge."

Ya sallami mai wayar, ya bi ta ɗakinta. Ta nuna masa. Ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa allo.

"Wannan ɗan ɗigon? Allura, wa zai tsaya ya ga wannan?"

"Manajan ma'aikatan masana'antar. Shekara tara yana ganin tabon nan kullum da safe."

"Daƙiƙa ɗaya ce fa."

"Ni na yi kuskuren, Darakta, ba kai ba. Ka ce musu ma'aikaciyarka ce ta yi shirme, ka zage ni a gabansu in kana so. Amma ko ka kira su, ko ni in kira."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya san tana da lambar mutanen tashar. Ya kira. Suka yi ta mita, suka ce sun riga sun tsara jadawali, daga ƙarshe suka goge, aka maye gurbin tallar da hoton ƙofar masana'anta da murya kawai.

Da ya ajiye wayar sai ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya, wanda a wurinsa ya fi tsawa haɗari.

"To kin ga abin da nake gudu. Wurin nan ba zai yiwu ba. Mu cire daƙiƙa arba'in ɗin, mu ɗora muryarta a kan hoton inji. Ko mu dusashe fuskar a wurin kawai."

"Ta ce ban da hazo."

"Ta faɗa, amma ba ta san aikin ba."

"Ta san abin da ta ce. Kuma in ka cire hannun, me ya rage? Tsohuwa mai aron fuska da aron murya tana ba da labari. Lauyoyin masana'anta za su ce kwamfuta ce ta ƙirƙire ta daga sama har ƙasa. Abu ɗaya ne nata na gaskiya a hoton nan, shi kake so ka yanke?"

Kalmar "yanke" ta fita kafin ta tauna ta. Darakta ya kau da kai.

"Firem dubu ne," ya ce can. "Kwana huɗu."

"Na ƙirga."

"In Asabar ta yi da yamma bai gamu ba, zan cire, kuma ba zan nemi izininki ba."

"In bai gamu ba ni da kaina zan cire. Amma ka aiko mini da ita. Akwai abin da ya kamata ta ji daga bakina."

Ranar Alhamis Uwar Layi ta zo a lokacin hutun rana, da jakar ledarta, ta zauna a bakin kujerar baƙi tana kallon allunan. Allura ta kunna mata wani wuri mai kyau tukuna. Dattijuwar ta ga wata mata da ba ta sani ba tana magana da kafaɗunta da rigarta. Sai ta tuntsire da dariya.

"Wannan ta fi ni kumatu. Ku gaishe ta, ku ce ta ci da kyau."

Sannan Allura ta nuna mata firem na ɗari da tara, ta gaya mata komai, har da cewa saura sa'o'i kaɗan ya fita duniya, kuma laifinta ne.

"Wannan zan iya gyarawa, Inna, kuma zan gyara. Amma akwai wanda ba zan iya ba. Fuska na ɓoye. Hannu kuwa in ya tsaya, naki ne. Wanda ya san shi zai iya gane shi. In kin ce a cire, yanzu zan cire, ba wanda zai ga laifinki."

Uwar Layi ta ɗora hannun a gwiwa ta juya shi, ciki da baya.

"'Yar nan, mu goma sha ɗaya ne. Bakwai a cikinmu waɗannan biyun ne suka tafi, don nan wuƙar take sauka in kina tura roba. Sun ce ba a taɓa yin haɗari ba. Ko takarda ɗaya ba su rubuta ba. To su fito su ce sun gane hannun mana. Su ce na wance ne, a injin kaza. Ina jira."

"Ba lallai su faɗa ba. Za su iya korarki shiru."

"Shara nake yi, ba sarauta ba." Ta miƙe tana ɗaukar jakarta. "Ido dai ki rufe shi, don idon 'yata ne sak. Hannu ki bar shi a gaba. Kada in ga an lulluɓe shi."

Allura ta ja ƙofa ta fara. Ta tsamo firem ɗari biyu da sittin daga cikin dubun, waɗanda suka bambanta: hannu na tasowa, hannu a kunci, hannu na goge ido, kai a sunkuye. Kowanne ta zagaye fuskar da alƙalamin allo, ɗigo bayan ɗigo, sannan ta yanke yatsun ɗaya-ɗaya, ta bar gurbin da ke tsakani fari. Tana koya wa manhajar abin da ba ta taɓa gani ba ke nan, cewa wannan hannun a nan ya ƙare, abin da ke bayan filin fuska ce. Ta sa ta horo, ta fita ta sayo abinci, ta dawo ta duba. Ya gyaru a wasu, ya ɓaci a wasu. Ta tsamo waɗanda suka ɓaci ta zagaye su su ma, ta sake sakawa. Sau huɗu tana haka.

Bakin maskin ma sai da ta yi faɗa da shi. In ta tausasa shi da yawa don kada a ga layi, fatar gaskiya ta leƙo a gefen yatsa. In ta matse shi, ya gutsuri yatsan. Ta zaɓi ya gutsura kaɗan, kaurin silin gashi ɗaya, don gara yatsa ya rame da tabo ya fito. Inda hannun ya rufe rabin fuskar kuma, alamomin da kwamfuta ke bi don sanin ina ido ina baki suka riƙa tsalle, fuskar Gwaggo na karkacewa. Waɗannan da hannu ta daidaita su. Idon da ke cikin gurbin ya riƙa fitowa a dagule, don kwamfutar ba ta ga isasshiyar fuska da za ta zana shi ba, sai ta aro idon Gwaggo daga firem ɗin da ke kafin hannun ya taso, ta bi motsin kan da shi, ta mayar masa da inuwar yatsun don kada ya yi kama da liƙi.

Wuyanta ya ƙage. Yatsanta na dama ya yi kanta. Ranar Juma'a Gwaggo ta kira.

"Ke, an ce fuskata na ba ki wahala."

"Fuskarki lafiya lau, Gwaggo. Hannun mutane ne."

"Ai na sani. Ni tun ina yarinya ba a taɓa kai ƙarata ba."

Asabar da la'asar saura firem tamanin da uku da manhajar ta ƙi ko ta halin ƙaƙa, duk inda hannun ke gudu ya zama dishi-dishi. Darakta ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon agogo.

"Saura nawa?"

"Tamanin da uku. Da hannu zan zana su."

"Mun yi da ke Asabar da yamma."

"Rana ba ta faɗi ba. In kana da aiki ka je ka yi, in ba ka da shi ga allo can, ka zauna ka duba mini waɗanda na gama, ɗaya-ɗaya. Tabo kake nema a ƙasan ido, da gira mai tsagu."

Ya cire agogon ya sa a aljihu, ya zauna a kujera mai karyayyen hannu. Sau biyu ya ce, "Nan fa?" Na farko inuwa ce. Na biyu gaskiyarsa ne, gefen tabon ya leƙo kamar ƙwayar gero, ta koma ta rufe. Ta ga ya gyara zama ya ƙara matsowa kusa da allon. Ana kunna fitilun titi suka gama, suka bi dubun daga farko tare.

Fim ɗin ya fita ranar Lahadi, da rubutu a farkonsa cewa fuskar da za a gani aro ce, da yardar mai ita. Litinin masana'antar ta fitar da sanarwa cewa matar ba ta wanzu, kwamfuta ce ta haɗa ta. Lauyan tashar ya amsa da cewa a shirye suke su nuna ainihin hoton ga alƙali a asirce, kuma ya tambaye su ko hannun ma kwamfuta ce. Ba su sake magana a kai ba. Bayan mako biyu masu duba lafiyar ma'aikata suka je, suka rufe layin yanka kwana tara. Da aka buɗe, ƙarafan kariya sun koma kan injinan, sababbi fil, har da ledarsu.

A ƙarshen watan aka sallami masu shara uku, wai an rage ma'aikata. Dukkansu masu guntun hannu ne, kuma Uwar Layi na ciki. 'Yarta ba a taɓa ta ba.

Allura ta ji labarin a bakin Darakta. Ta koma ɗakinta ta zauna, ta daɗe tana juya waya a hannu kafin ta kira.

"Inna, na ji abin da ya faru. Ki yi haƙuri. Da na..."

"Da kin me?" Bayan muryar ana jin hayaniyar mata da ƙugin mota. "Ba su ma san wacce ba ce a cikinmu, shi ya sa suka kwashe uku. Sauran biyun sun yini suna zagina, da gari ya waye suka zo gidana suka ce ina lauyan yake. Yanzu haka wurinsa za mu, mu takwas. Ukun da suka rage mazajensu sun hana, amma ɗaya ta ce za ta sulale ta same mu."

"Kuna buƙatar wani abu daga wurina?"

"Lauya ya ce ki adana hoton na ainihi, kada ya ɓata, kada kuma kowa ya taɓa."

"Yana kulle wuri biyu. Ni kaɗai ke da mabuɗin."

"To madalla. Sai an kira ki shaida, ki zo ki yi musu bayanin farin nan da baƙin nan yadda kika yi mini. Ki sa kaya masu kyau." Ta juya ta yi wa wani tsawa a can gefe. "Direba, tsaya mana, ba ka ga mutum na gudu ba? Tamu ce!"

Wayar ta katse. Allura ta jawo takarda ta fara rubuta yadda za ta bayyana wa alƙali maski, da kalmomin da ba za su sa shi hamma ba.